Wutsiyar kalma a Italiyanci: yadda ake kawo shauƙinta da gatsenta cikin Hausa

Wajen shekara ta 1425, wasu masu zane biyu sun yi aiki tare a bangon wani ɗakin ibada na iyalin Brancacci, cikin majami'ar Santa Maria del Carmine da ke birnin Firenze a Italiya. Dukansu biyu sunansu Tommaso, wanda mutanen garin kan taƙaita su ce Maso. Amma yau ba wanda ya san su da wannan suna. Ɗaya ana ce masa Masolino, ɗayan kuma Masaccio. Wutsiyar da aka liƙa wa na farko, wato -ino, ta ƙanƙantawa ce da tausasawa. Wadda aka liƙa wa na biyu, -accio (da bakin Hausa "acco" za a furta), ta kushe ce. Wanda ya tsaya ga ƙa'idar littafi zai ce ai ma'anar a fili take: ƙaramin Maso da mugun Maso.

Duka biyun kuskure ne. Masolino, wanda aka ƙanƙanta, an haife shi a 1383, ya girmi abokin aikinsa da aka haifa a 1401 da shekara goma sha takwas. Shi kuwa Masaccio, marubucin tarihin masu zane Giorgio Vasari ya bayyana a littafinsa na 1550 cewa ba don mugun hali aka sa masa sunan ba, don mutumin kirki ne. Abin da ya jawo masa shi ne rashin kula da kansa: bai damu da suturar da ya sa ba, bai damu da bin bashin da yake bin mutane ba, hankalinsa duk yana kan zane. Da a Kano yake, da "Maso buzu-buzu" za a ce masa, ana faɗa ana murmushi.

Wutsiyar nan, wadda masana nahawu ke kira ɗafa-ƙeya, ba girman abu take aunawa ba a yawancin lokaci. Abin da take nunawa shi ne yadda zuciyar mai magana take game da abin, da kuma matsayinsa a gaban wanda yake yi wa maganar. Duk wahalar mai fassara daga nan take farawa.

Tsarin kansa ba wuya gare shi ba. Italiyawa kan ɗauki suna, su cire wasalin ƙarshe, su liƙa wutsiya. A ɗauki ragazzo, wato yaro matashi. Ragazzino yaro ne ƙarami da bai gama girma ba. Ragazzetto ma ƙaramin ne, sai dai sau da yawa akwai ɗan raini a ciki, irin na "wannan har yaushe aka haife shi". Ragazzone ƙato ne, mai jiki, galibi mai sauƙin kai. Ragazzotto kakkaura ne, ginanne, wanda bai waye sosai ba. Ragazzaccio kuwa shi ne mara jin magana, amma kaka na iya faɗa wa jikanta haka tana shafa kansa. Kalma ɗaya, fuska biyar, kuma ba a ƙara ko sifa ɗaya ba. A makarantun Italiya yara na koyon waɗannan a rukuni huɗu: na ƙanƙantawa, na girmamawa, na lallashi, da na kushewa. Rabon yana da amfani a aji, amma a bakin mutane iyakokin ba sa tsayawa wuri ɗaya. Wutsiyar ƙanƙantawa na iya zama zagi, ta kushewa na iya zama so.

Hausa ba ta liƙa irin wannan wutsiya ga sunaye gama-gari. Muna yi a sunayen mutane, inda Ladi kan zama Ladidi, Garba ya zama Garbati, Kande ta zama Kandala, kuma duk wanda ya ji ya san akwai shaƙuwa. Amma ba ma ɗaukar "gida" ko "malami" mu yi masa haka. Kayan aikinmu a gaban kalma suke, ko a gefenta, ko ma a wani lungu na jimla dabam. Na farkonsu shi ne abin da malaman nahawun Hausa ke kira tsigalau: ɗan, 'yar, 'yan. Casetta ta zama "ɗan gida", vecchietta ta zama "'yar tsohuwa", kuma a nan sa'a ta yi kyau, domin "'yar tsohuwa" tana ɗauke da tausayi da ƙauna iri ɗaya da na Italiyancin. "Ƙaramar tsohuwa" kuwa ba ta ɗauke da komai sai awo.

Sai dai ɗan yana da tarko. Kalmar tana nufin ƙarami, tana nufin wanda aka haifa, tana kuma nufin mai sana'a ko mutumin wani wuri. In Ba'italiye ya ce dottorino, yana nufin likita sabon fitowa, matashi, wanda ko dai ana sha'awarsa ko ana shakkar ƙwarewarsa. Ka rubuta "ɗan likita", rabin masu karatu za su ɗauka yaron da likita ya haifa kake nufi. Dole a ƙara wani abu da zai toshe wannan hanya: "wani ɗan matashin likita" in da sha'awa, "wani likita ɗan bana-bakwai" in da raini. Wuri ɗaya na sani da harshen damon nan ya zama riba. Shahararren mai zanen birnin Venezia, Jacopo Robusti, wanda ya rasu a 1594, duniya ta san shi da Tintoretto. Mahaifinsa tintore ne, wato marini. Sunan yana nufin ƙaramin marini, kuma an sa masa ne don shi ɗan marini ne. "Ɗan marini" ta kwashe ma'anar biyu a lokaci ɗaya, ba ragi ba ƙari. Irin wannan dacewa ba ta cika faruwa ba.

Inda na fi son a tsaya a duba da kyau shi ne kalmar povero. Asalinta matalauci, amma kamar yadda muke cewa "bawan Allah" ba muna nufin bauta ba, su ma sukan faɗe ta don tausayi, ko da mutumin yana da dukiya. Tana da 'ya'ya uku da ake ji kullum: poverino, poveretto, poveraccio. Ƙamus mai harshe biyu zai iya ba ka fassara ɗaya ga dukansu, alhali ba ɗaya ba ne.

Poverino tausayi ne na kusa, mai ɗumi. Yaro ya faɗi ya kurje gwiwa, uwa ta ɗauke shi tana cewa poverino. Maƙwabciya ta kwanta asibiti, a ce poverina. A Hausa ba suna za mu nema ba, abin da baki ke furtawa a irin wannan lokaci za mu nema: "Allah sarki", "ayya", "wayyo, sannu ka ji". Poveretto ya ɗan ja baya. Tausayi ne na wanda ke ba da labarin wani, sau da yawa wanda masifa ta faɗa wa ko wanda ya riga mu gidan gaskiya. "Bawan Allah" ko "baiwar Allah" sun zauna daidai a nan: "bawan Allah, bai ko ga auren 'yarsa ba." Poveraccio kuma tausayi ne mai kaushi. Wani lokaci na tsakanin maza ne, irin na "ya sha wuya, wallahi". Wani lokaci kuwa kallon sama-da-ƙasa ne: in aka ce wane un poveraccio ne, ana nufin ba kowa ba ne, bai ajiye ba bai ba wani ajiya ba. Mai fassara sai ya duba ko mai maganar yana tsaye kusa da mutumin ne ko yana hangensa daga bene, kafin ya zaɓi tsakanin "abin tausayi" da "wani wahalalle".

Sannan ga juyin da ke kayar da mutane. Attajiri yana kuka a taro cewa haraji ya hana shi sayen jirgin ruwa na biyu, sai wani daga gefe ya ce: poverino! Kalmar ba ta canja ba, amma yanzu gatse ce tsantsa. A rubuce ba a jin murya, don haka "Allah sarki" kaɗai na iya sa mai karatu ya ɗauka da gaske ake. Hausa tana da wata dabara da Italiyanci ba shi da ita, wato "su" da ake sa wa mutum ɗaya, haɗe da "an": "Allah sarki, su Alhaji an shiga wahala!" Ba Bahaushen da zai karanta wannan ya rasa gane cewa dariya ake yi. In attajirin Ba'italiye ne a cikin labari, ba za a ce masa Alhaji ba, sai a sa sunansa ko a ce "su maigida", amma ginin jimlar yana nan.

Wannan "su" ɗin ita ce maganin wata matsala a ɓangaren girmamawa. Wutsiyar -one tana ƙara girma: libro littafi, librone ƙaton littafi. Amma in aka liƙa ta ga muƙami ko ilimi, sau da yawa hura mutum ake yi don a fasa shi. A 2014, lokacin da Matteo Renzi yake firaminista yana neman sauya tsarin majalisar dattawan ƙasar, wasu fitattun masana tsarin mulki, cikinsu har da Stefano Rodotà da Gustavo Zagrebelsky, sun soki shirin. Kalmar da ya jefe su da ita, wadda jaridu suka yi ta maimaitawa, ita ce professoroni. Ɗan jaridar da ya fassara wannan da "manyan farfesoshi" ya juya labarin kansa a ƙasa, ya mai da habaici yabo. Abin da aka faɗa ya fi kusa da "su farfesa masana komai". Akwai jarabar a rubuta "masu dogon Turanci", don ita ce ke zuwa baki, kuma ma'anar ta yi daidai. Ni dai ba zan sa ta ba, saboda mutanen nan da Italiyanci suke jayayyarsu, kuma mai karatu mai lura zai yi tuntuɓe da kalmar. "Masu dogon bayani" ta isa.

Ƙanƙantawa ma tana cizo. Furbo shi ne mai wayo. Jaridun Italiya suna da laƙabin da suke yi wa ma'aikatan da ke zuwa da safe su buga katin shiga ofis su sulale kasuwa ko gida: furbetti del cartellino. Wutsiyar -etto a nan ba sassauci ba ne. Tana hana su ko da darajar zama manyan 'yan damfara, tana cewa wayon nasu na ƙananan mutane ne. "Masu ɗan wayo" ta yi sanyi da yawa, har kamar yabo. "Masu wayon banza" ko "'yan wayo-wayo" sun fi kama hanya. A ɗaya gefen akwai furbacchione, wanda aka tara masa wutsiya biyu, tsohon hannu da ake faɗar wayonsa da ɗan jinjinawa. Wannan shi ne "tsohon dila" ko "shu'umi".

In -one ta zo da ma'anar girman jiki na gaske, Hausa ce ke da yalwa, har yalwar kan zama nauyi. Italiyanci ya ce ƙato ya yi shiru. Mu kuwa muna da zungurere ga mai tsawo, makeke ga mai faɗi, gabjeje da jibgege ga mai jiki, tanƙameme ga gini, santaleliya ga doguwar mace mai kyan diri. Kowace tana zana siffa. Kalmar donnone, wadda ta fito daga donna, mace, har jinsinta wutsiyar ta juya zuwa na namiji, kuma wannan juyi yana cikin abin da ke ba ta nauyi: mace ce mai cika ƙofa, mai kwarjini. "Santaleliya" za ta ƙara mata kyan da marubucin bai ba ta ba. "Rusheshiya" za ta ƙara mata munin da bai nufa ba. Sai an koma cikin labarin an ga yadda aka siffanta ta a wasu wurare. In ba a siffanta ba, "ƙatuwar mace" ta fi aminci, ko da ba ta da armashi. A ganina gara fassara ta rasa ɗan gishiri da ta ƙirƙiro wa mutum jikin da ba nasa ba.

Akwai kuma -one ta hali, mai nuna wanda ya cika yin abu: dormiglione mai yawan barci, chiacchierone mai yawan magana, mangione mai yawan ci. Nan ba a wahala, don muna naɗa irin waɗannan sarauta: sarkin barci, sarkin surutu, acici. Tsokana ce ta cikin gida a harsunan biyu.

Kafin a kai ga duk wannan, akwai rami da sabon mai koyo kan faɗa. Ba duk kalmar da ta ƙare da -ino ko -one ce aka yi wa wutsiya ba. Matto mahaukaci ne, amma mattone ba ƙaton mahaukaci ba ne, tubali ne. Tacco dunduniyar takalmi ce, tacchino kuwa talo-talo. Burro man shanu ne, burrone kwazazzabo. Wasu kuma da wutsiyar aka gina su tun asali, amma sun daɗe da zama kalmomi masu cin gashin kansu: spaghetti daga spago, siririyar igiya, manette daga mano, hannu, alhali ma'anarta ankwa. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, tunda ɗan sanda ba ƙaramar sanda ba ce, ɗan kunne kuma ba ƙaramin kunne ba ne. Gwajin mai sauƙi ne: cire wutsiyar, ka ga ko jimlar tana magana a kan abu ɗaya. In casetta ta koma casa, gida dai gida ne, an rage shauƙi kawai. In tacchino ya koma tacco, an bar tsuntsu an koma takalmi, ke nan ba wutsiya ba ce.

Masana harshe biyu, Wolfgang Dressler da Lavinia Merlini Barbaresi, sun fitar da littafi a 1994 da ya yi nazarin waɗannan wutsiyoyi a cikin zance. Abin da suka tsaya a kai shi ne cewa ƙanƙantawa, ko da a kan suna ɗaya aka liƙa ta, aikinta a kan maganar gaba ɗaya yake: tana rage mata nauyi, tana nuna cewa kada a ɗauke ta da zafi. Wanda ya ce a jira shi un attimino ba yana nufin lokacin ya fi attimo gajarta ba, wataƙila ma ya fi tsawo. Roƙon yake tausasawa. Wannan bayani yana 'yanta mai fassara, domin in aikin wutsiyar a kan jimla yake, ba dole ba ne a neme ta a kan sunan. Mu a kan aikatau muke sa namu: "ɗan jira ni", "ɗan matsa", "ɗan duba min".

Ga misali da na tsara don a ga yadda abin yake a aikace. Wata uwa ce take yi wa yayanta waya a kan ɗanta da ke sakandare. Yayan ya san shugaban makarantar. Ta ce:

Poverino, ha preso un votaccio. Quel professorino ce l'ha con lui. Mi fai un favorino? Gli parli un attimino?

Jimla huɗu, wutsiya biyar. Wanda ya bi ƙamus zai fito da wani abu kamar haka: "Ƙaramin matalauci ya sami mugun maki. Ƙaramin farfesan nan yana fushi da shi. Za ka yi mini ƙaramar alfarma? Za ka yi masa magana na ƙaramin lokaci?" Kowace kalma tana da hujja, amma ba wata uwa da ta taɓa magana haka, kuma an rasa abin da matar take yi, wato kare ɗanta, kushe malaminsa, da lallaɓa yayanta.

A bi su ɗaya-ɗaya. Poverino na kusa ne, na uwa, don haka "Allah sarki". Voto maki ne. A sakandaren Italiya ana ba da maki har zuwa 10, kuma 6 ne matakin ci, saboda haka votaccio irin su 3 ko 4 ne, makin da ake jin kunyar faɗa. Uwar ba ta faɗi lambar ba, mu ma ba za mu faɗa ba: "wani maki ba kyan gani". Professore a can ba farfesan jami'a kaɗai ba ne, haka ake kiran malamin sakandare ma, ke nan "malami". Wutsiyar -ino da ta liƙa masa ba irin ta ɗanta ba ce ko kusa. Ta farko runguma ce, wannan kuwa raini, tana cewa yaro ne da bai san aiki ba. Favorino da attimino aikinsu ɗaya, su sa roƙon ya yi kamar ba komai ba, alhali abin da take nema, a sa baki a harkar makaranta, ba ƙarami ba ne. Sai fassarar ta zama:

"Allah sarki yaron nan, wani maki ya samo ba kyan gani. Malamin nan nasu ɗan bana-bakwai ne ya sa masa ƙahon zuƙa. Don Allah Yaya, wata 'yar alfarma za ka yi min. Ka ɗan yi masa magana mana."

A lura da inda abubuwa suka koma. Wutsiya ɗaya ce kawai ta tsaya a kan sunanta, ta favorino, wadda ta zama "'yar alfarma". Ta attimino ta bar lokaci ta hau kan aikatau, "mana" ta taya ta. "Don Allah Yaya" babu ita a Italiyancin sam, domin can ƙanwa kan yi wa yayanta magana kai tsaye ba tare da ambaton matsayinsa ba. A Hausa kuwa ƙanwar da ta nemi alfarma ba ta ce Yaya ba ta riga ta ɓata roƙonta, don haka wani kaso na tausasawar dole ya koma can.

Saura tambayar ko kowace wutsiya sai an biya ta. A'a. A yankin Toskana, inda Firenze take, -ino tana yawo a baki har ta kan rasa nauyi, kuma mai sayar da abinci na iya jera ta sau biyar a magana ɗaya ba tare da yana nufin wani abu na musamman ba. In aka sa "ɗan" a duk inda ta fito, Hausar za ta koma shagwaɓa, babban mutum ya riƙa magana kamar mai lallashin jariri. Abin yi shi ne a karanta maganar mutumin gaba ɗaya, a gane ko mai fara'a ne, ko mai daɗin baki, ko mai habaici, sannan a sa alamar a wuri ɗaya ko biyu inda Hausa ta saba ɗaukarta.

Sunayen mutane kuwa ba a taɓa su. A labaran Don Camillo na Giovannino Guareschi, waɗanda aka fara tarawa a littafi a 1948, shugaban garin ɗan kwaminis sunansa Giuseppe Bottazzi, amma kowa Peppone yake ce masa. Giuseppe shi ne Yusufu, Peppe taƙaitawarsa ce, -one kuma ta ƙara masa jiki da murya. Ba'italiye na jin sunan ya ga ƙaton mutum mai hargagi da farar zuciya. Bahaushe ba zai ga komai ba, kuma ba za a mai da shi "Yusufu ƙato" ba. Abin da mai fassara zai iya yi shi ne, a karon farko da mutumin ya bayyana, ya saƙa 'yar sifa a gefen sunan, ya ce "gabjejen nan Peppone", daga nan ya bar sunan ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.